Bayan Rumbu Ya Cika: Ina Za a Kai Rarar Kuɗi?

 

Iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, malamaina, 'yan'uwana ma'aikata da 'yan kasuwa, iyayenmu mata da ke wancan ɓangaren, ina gaishe ku da fatan alheri. Na ga waɗanda suka taso daga Nahuce da Kwatarkwashi, har da waɗanda suka biyo mota tun daga Tsafe. Allah Ya saka da alheri, Ya mai da kowa gida lafiya.

An ce in yi magana a kan yadda mai ƙaramin ƙarfi zai fara zuba jari a takardun bashin gwamnati, ko kuwa a asusun da ke bin ma'aunin kasuwar hannun jari. Na karɓa da sharaɗi guda: ba zan fara da jarin ba, sai na fara da abin da ke gabansa. Dalilina wani abu ne da ya faru da ni, kuma da yawanku kun ga irinsa.

Kun tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako. Mutum ya shiga mota har Funtuwa don kawai ya buga waya. A wannan lokacin ina da 'yan kuɗi da na kulle a wani banki na wata shida, ina ta jin daɗi wai na yi dabara. Sai ciwo ya kama mahaifiyata cikin dare. Muka kai ta asibiti a Gusau, aka rubuto magani da gwaji. Na laluba aljihu, naira 4,000 ce. Waya tana hannuna kamar dutse. Na tsaya a bakin kantin magani riƙe da takardar likita, ina da kuɗi a rubuce, ba ni da ko sisi da zan miƙa. Wani ɗan'uwa ne ya kwance bakin buhun waken da ya ajiye, ya sayar a araha, ya rufa mini asiri. Da na je bankin daga baya in karya ajiyar, sai da aka zaftare mini wani abu a kai. A farkon 2023 kuma, da aka canza fasalin naira, kowa ya sake ɗanɗana wannan: kuɗi na banki, cefane ya gagara.

Don haka tambayar da nake so kowa ya riƙa yi wa kowace naira kafin ya ajiye ta ita ce: yaushe zan neme ki? Nairar da za a iya nema yau da dare, wurinta daban. Wadda za a nema bayan kaka, wurinta daban. Wadda ba za a waiwaye ta ba sai yaron da ke aji ɗaya na firamare ya gama sakandare, ita ma wurinta daban. Yawancin asarar da na gani a wannan harka, ba zamba ce ta jawo ta ba. An ajiye kuɗin yau ne a wurin kuɗin baɗi.

Bari mu ɗauki misali da mutum guda mu bi shi har ƙarshe. Mu ce malamin firamare ne a nan Bungudu, yana da gona, kuma gidansa na cin naira 90,000 a wata idan an haɗa cefane, magani, kuɗin mota da na makarantar yara. Kuɗin ko-ta-kwana da ya kamata ya tara shi ne na wata uku aƙalla, wato naira 270,000. Wanda ba shi da albashi, abincinsa na ga kasuwa ko ga gona, gara ya kai na wata shida, domin damina na iya ƙin kyau, hanya kuma na iya rufewa. Kuma ba a zuba wannan ajiya wuri ɗaya. Wani kaso hatsi ne a rumbu, gero da dawa da za su kai gida wata uku, don shi hatsi ba ruwansa da hauhawar farashi, kwano kwano ne. Wani ɗan kaso tsabar kuɗi ne a hannu, daidai na asibiti da mota, wanda daga kai sai uwargida kuka san da shi. A halin da muke ciki ba sai na faɗi dalilin yin shiru ba. Sauran kuma a asusun banki da za a iya cirewa ko da yaushe. Hukumar inshorar ajiya ta ƙasa, NDIC, ta ɗaga abin da take biya idan banki ya rushe daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a 2024, na ƙananan bankuna kuma zuwa miliyan 2. A watan Yunin shekarar aka soke lasisin bankin Heritage, aka ga amfanin abin. Ajiyar malaminmu tana cikin wannan kariya.

Wannan kuɗin ba na neman riba ba ne. Zai riƙa raguwa da daraja, gaskiya ne, kuma wannan raguwar ita ce ladan gadin da kake biya don ka kwana da kwanciyar hankali. Sai abin da ya haura wannan ne muke magana a kai yau. Mu ce malam yana iya ware naira 10,000 duk wata.

Da can amsar mai sauƙi ce. A sayi tunkiya, ta haihu, a haɗa a sayi maraƙi. Kakanninmu da haka suka yi arziki. Amma wa zai tsaya a gabanku yau ya ce ku tara dukiya a garke, bayan abin da ɓarayin daji suka yi wa garkunan Zamfara? Ajiye hatsi daga kaka zuwa bazara har yanzu sana'a ce, sai dai waɗanda suka cika ɗakuna da masara suna jiran tsada sun ga yadda farashi ya faɗo a 2025. Shi ya sa ya kamata mu san wasu ƙofofin, waɗanda ba a kora su cikin dare.

Mu fara da takardar bashin gwamnati ta gajeren lokaci. A fom ɗin banki ko a manhajar waya za ku ga an rubuta Treasury Bills, ko a taƙaice NTB. Ma'anarta ita ce ka ranta wa Gwamnatin Tarayya kuɗi na kwana 91, ko 182, ko 364. Babban Bankin Najeriya ne ke yin gwanjonta a madadin Ofishin Kula da Basussuka, DMO, galibi ranar Laraba duk bayan mako biyu. Tun 2017 shiga gwanjon kai tsaye sai mai sama da naira miliyan 50, saboda haka irinmu ta hannun banki ko dillali muke saye, su sun saro su yanka mana. Kowane banki da mafi ƙarancin abin da yake karɓa, da yawa daga naira 100,000 suke farawa.

Yadda lissafinta yake yana ruɗa mutane, don haka ku ba ni hankalinku. Ba a ba ka ƙari a ƙarshe. Ana rage maka farashi ne tun farko. Mu ce takardar naira 100,000 ce ta kwana 364, aka ce ragin kashi 18 cikin 100 ne. Sai a ɗauki 18,000, a daidaita ta da kwana 364 cikin 365, ta zama naira 17,951. Abin da za ka biya yau shi ne naira 82,049. Ranar da wa'adi ya cika, a zubo maka 100,000 cif. Ka lura, ribar 17,951 a kan 82,049 ka same ta, ba a kan 100,000 ba, saboda haka ainihin abin da kuɗinka ya haifa ya kusa kashi 22 cikin 100. Wannan kafin a cire kuɗin hidimar banki da haraji, kuma ya kamata ka sa a rubuta maka su a takarda kafin ka sa hannu.

To, ina matsalar take? Wuri biyu.

Na farko, idan ka nemi kuɗinka kafin lokaci. Mu ce bayan wata uku buƙata ta taso, saura kwana 273. Banki zai saya daga hannunka, amma da farashin ranar, ba na ranar da ka saya ba. Idan a lokacin ragin da yake sayen takarda ya kai kashi 25, zai cire naira 18,699 daga 100,000, ya ba ka 81,301. Ka ba da 82,049, ka jira wata uku, ka karɓi abin da bai kai uwar kuɗinka ba. Takardar da ake ce mata ba ta da haɗari ke nan. Ba ta da haɗari ne ga wanda ya iya jira har ranarta, kuma wanda zai iya jira shi ne mai kuɗin ko-ta-kwana a gefe.

Na biyu, hauhawar farashi. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin kaya ya tashi da kashi 34.8 cikin 100 a shekara guda. A waccan shekarar abin da takardar kwana 364 ke bayarwa yana yawo ne a wajen kashi 20 da 'yan kai. Wanda ya saya ya ga lambobi sun ƙaru a asusunsa, amma da ya je kasuwar Gusau, buhunan da kuɗin za su saya sun ragu. Ya dai fi wanda ya bar kuɗin a ƙarƙashin katifa. A ƙarshen 2020 kuwa abin ya fi muni: ribar takardun ta faɗo ƙasa da kashi 1 cikin 100, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 15. Saboda haka duk wanda ya ce maka ana samun kaza a wannan takarda, tambaye shi: a gwanjon yaushe? Kuma nawa ne tashin farashi a lokacin?

Yanzu na zo kan abin da na san yana ran da yawanku tun da na fara, na ga Liman yana gyara zama. Ka ba da 82,049 rance, a mayar maka da 100,000 saboda lokaci ya wuce. Wannan ƙarin ruwa ne. Canza masa wuri daga ƙarshe zuwa farko bai canza masa suna ba, kuma abin da malamanmu suka tafi a kai shi ne riba ce irin wadda aka haramta. Muna jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999, ba zan zo nan in lulluɓe muku wannan da kalmomi masu daɗi ba. Na yi bayanin takardar dalla-dalla ne saboda dalili biyu. Akwai 'yan'uwanmu da ba Musulmi ba a cikin wannan ɗaki, su wannan ƙofa a buɗe take gare su, haka ma takardar tanadi ta gwamnati da aka fara a watan Maris na 2017, wadda ake shiga da naira 5,000 kacal, ta shekara 2 ko 3, ana biyan ruwanta duk wata uku. Dalili na biyu kuma, da yawan asusun da manhajojin waya ke tallatawa da sunan ajiya mai riba, idan ka buɗe cikinsu waɗannan takardun ne. Gara ka san kamanninsu don ka gane su.

Ga Musulmin da yake son abin da ya yi kusa da wannan a wajen aminci, akwai sukuk. Gwamnatin Tarayya ta fitar da na farko a watan Satumba na 2017, na naira biliyan 100, na shekara 7. Tsarinsa ijara ne, wato haya. Kuɗin da aka tara hanyoyi ake ginawa da su, kuma duk wanda ke bin manyan titunan ƙasar nan ya ga allunan da ke nuna cewa da kuɗin sukuk aka yi wannan yanki. Kai da ka saya kana da rabo a cikin kadarar, gwamnati tana haya a hannunku, tana biyan kuɗin haya duk wata shida, a ƙarshen wa'adi kuma ta saye kadarar ta mayar muku da uwar kuɗi. Akwai majalisar masana shari'a a ƙarƙashin Babban Banki da ke duba tsarin kafin a fitar. Mafi ƙarancin shiga naira 10,000 ne, daidai abin da malaminmu ke warewa a wata.

Mu bi wanda ya sa naira 100,000 a wancan na farko. Hayar kashi 16.47 cikin 100 ce a shekara, wato naira 8,235 duk wata shida. Sau 14 aka biya shi, jimla naira 115,290, sannan a Satumbar 2024 aka mayar masa da 100,000 ɗinsa. An cika alkawari, ba a ci masa ko kwabo ba. Amma ku tuna, a 2017 dala ɗaya a farashin gwamnati naira 305 ce da 'yan kai, a Satumbar 2024 kuwa ta haura 1,500. Dubu ɗarin da ta dawo ba ita ce dubu ɗarin da ta tafi ba. Wanda ya riƙa cinye hayar duk wata shida, ya wayi gari da uwar kuɗin da ta rame. Wanda ya riƙa mai da hayar cikin wani jarin, shi ne ya rage zafi. Wannan shi ne iyakar duk wata takarda mai tsayayyen biya, ta halal ce ko ta ruwa: an yi maka alkawarin adadin naira, ba a yi maka alkawarin abin da nairar za ta saya ba.

Wani abin lura kuma, sukuk ba kullum ake fitar da shi ba. An yi a 2017, 2018, 2020, da wasu shekarun bayan nan, kuma hayar tana bambanta: na 2020 kashi 11.2 ne, na 2025 kuwa kashi 19.75. Idan an buɗe, 'yan kwanaki ne a rufe. Saboda haka malam zai riƙa tara kuɗinsa a asusun da ba ya ta'ammali da ruwa, irin na Jaiz ko TAJ ko Lotus, yana sauraron sanarwa. Ana iya saye ko sayarwa a kasuwa ta hannun dillali kafin wa'adi, amma a nan ma farashin ranar ne ke hukunci, kamar yadda muka gani ɗazu.

To, me zai iya tsere wa hauhawar farashi? A nan ne hannun jari ke shigowa, kuma a nan ne nake so in daɗe kaɗan.

Idan ka sayi hannun jarin kamfanin siminti, ka zama ɗaya daga cikin masu kamfanin. Siminti ya yi tsada, kuɗin shigar kamfanin ya ƙaru, rabonka ma yana iya ƙaruwa. Wannan tarayya ce a riba da asara, ba rance ba. Matsalar ita ce zaɓe. Malamin firamare a Bungudu ba shi da lokacin karanta rahoton kuɗin kamfanoni, kuma ko waɗanda aikinsu ke nan sukan yi kuskure. Wani Ba'amurke mai suna John Bogle ya kawo mafita a 1976: maimakon a biya gwani ya yi ta zaɓe, a sayi kasuwar gaba ɗaya, kowane kamfani gwargwadon girmansa, a rage kuɗin hidima. Ku ɗauka kamar mai sayen hatsi ne da bai san wanda zai yi tsada bana ba, sai ya ce a auna masa gero da dawa da masara da wake da waken suya a kwando ɗaya. Idan ɗaya ya faɗi, wani ya tashi. Jerin kamfanonin da ake bi shi ne ma'auni, kwandon kuma shi ne asusun. Wanda ake saye da sayarwa a kasuwar hannun jari kamar kowane hannun jari, a allo za ku ga ana kiransa ETF.

A kasuwarmu ta Legas, wadda ake kira NGX tun 2021, akwai irin waɗannan. Akwai na kamfanin Vetiva da aka sa a kasuwa a 2014, yana bin manyan kamfanoni 30, alamarsa a allo VETGRIF30. Sai dai a cikin talatin ɗin akwai bankunan ruwa da kamfanin giya. Akwai kuma na kamfanin Lotus Capital, shi ma na 2014, alamarsa LOTUSHAL15, wanda ke bin ma'aunin Musulunci da aka kafa a 2012. A wannan an tace: ba bankin ruwa, ba giya, ba caca, ba taba, kuma kamfanin da bashin ruwa ya yi masa katutu ana cire shi. Abin da ya rage irin su kamfanonin siminti ne, da na sadarwa, da na abinci, da na manja. Ana sake duba jerin lokaci-lokaci, wanda ya kauce a fitar da shi.

Ina son wannan hanya, amma ba zan ɓoye muku tabonta ba. A watan Maris na 2008 babban ma'aunin kasuwar Najeriya ya haura maki 66,000. Mutane sun ci bashin banki sun sayi hannun jari, wasu sun sayar da filaye. Kafin shekarar ta ƙare kasuwar ta zube da kusan kashi 46 cikin 100. Kun san yaushe ta sake taka wancan matsayi? Sai a watan Agusta na 2023. Shekara 15. Wanda ya zuba kuɗinsa duka a rana ɗaya a ƙololuwar 2008, ya ga jaririn da aka haifa a lokacin ya shiga babbar sakandare kafin farashi ya dawo. A ɗaya gefen kuma, kasuwar ta tashi da kashi 50 a 2020, da kusan kashi 46 a 2023, da kusan 38 a 2024. Ba wanda ya san wace shekara ce ke tafe.

Darasi biyu na ɗauka daga nan. Kuɗin da za ka nema kafin shekara biyar, kada ya shiga kwandon. Kuɗin taki na bana, kuɗin auren 'yarka na baɗi, kuɗin kujerar Makka da kake sa ran biya nan da shekara biyu, duk ba nan ne wurinsu ba. Sannan kada a shiga da ƙafa biyu rana ɗaya. A riƙa saye kaɗan-kaɗan a kan lokaci tsayayye. Mu ce malam yana sa naira 15,000 duk wata uku. Karo na farko ƙwaya ɗaya naira 50 ce, ya sami 300. Karo na biyu kasuwa ta faɗi, ƙwaya ta koma 30, kuɗin nan dai suka saya masa 500. Karo na uku ta dawo 50, ya sami 300. Ya kashe 45,000, yana da ƙwaya 1,100, darajarsu 55,000, alhali farashi bai wuce inda ya faro ba. Faɗuwar da ta firgita wasu suka sayar, shi araha ta zame masa. Amma wannan sai ga wanda bai da dalilin sayarwa a watan da ta faɗi.

Akwai wani aibi da ya keɓanta da kasuwarmu, wanda masu talla ba su cika faɗa ba. Waɗannan kwanduna ba a cinikinsu da yawa. Wata rana ka sa naka a kasuwa ka rasa mai saye, ko ka zo saye ka tarar 'yan ƙalilan da ke sayarwa sun tsuga farashi fiye da darajar abin da ke cikin kwandon. Yadda za ka gane shi ne, kamfanin da ke kula da asusun yana wallafa ainihin darajar ƙwaya ɗaya, ana rubuta ta NAV. Kwatanta ta da farashin allo. Idan farashin allo ya yi mata nisa a sama, dakata. Kuma idan za ka ba dillali umarni, faɗa masa iyakar farashin da ka yarda da shi, kada ka ce ya saya ko nawa ne. Sannan kowane ciniki akwai kuɗin dillali da na hukumomi a kai, shi ya sa na ce duk wata uku maimakon duk wata, musamman idan dillalinka yana da mafi ƙarancin abin da yake caja.

Yanzu mu haɗa lissafin malam. Naira 120,000 a shekara. Rabi, 60,000, yana taruwa don sukuk, saboda abin da yake hange nan da 'yan shekaru, kamar gyaran ɗaki ko kuɗin makarantar gaba. Rabi kuma yana shiga kwandon halal sau huɗu a shekara, don tsufa. Idan malam ya kusa ritaya, sai ya karkata ga sukuk. Idan matashi ne da ya fara aiki, ya karkata ga kwando. Duk ranar da ya taɓa kuɗin ko-ta-kwana, sai ya dakatar da duka biyun har ya mai da abin da ya ɗiba. Kuma duk shekara ya sake auna kuɗin ko-ta-kwanan, domin 270,000 da ke riƙe gida wata uku bana, baɗi wataƙila wata biyu za ta riƙe.

Matakin shiga ba shi da wahala kamar yadda ake zato. Kana buƙatar BVN da NIN, da hoto, da shaidar adireshi, da asusun banki mai sunanka. Za ka buɗe asusu wajen dillalin hannun jari, yawancinsu yanzu ta waya ake yi, ba sai ka je Legas ko Kano ba. Kafin ka tura ko naira ɗaya, shiga shafin hukumar kula da kasuwar jari, SEC, ka nemi sunan dillalin a jerin masu rajista. Bayan an buɗe, za a ba ka lamba daga CSCS, wurin da ake ajiye rajistar hannayen jari, ana kiranta CHN. Wannan lambar ita ce shaidar cewa abin da ka saya da sunanka yake, ba da sunan dillali ba. Ka nemi a haɗa asusun bankinka don rabon riba ya riƙa faɗowa kai tsaye. Kuɗi kuma asusun kamfani ake turawa. Duk wanda ya ba ka lambar asusu mai sunan mutum, ka tsaya nan.

Ba zan ɓata lokaci a kan 'yan damfara ba, kun ga MMM a 2016, kun ga CBEX a 2025. Ma'auni ɗaya zan ba ku. Gwamnatin Tarayya, da duk matsuwarta, abin da ta biya a sukuk na 2025 bai kai kashi 20 a shekara ba. Wanda ya ce zai ba ka kashi 20 a wata, ko ya ninka maka cikin kwana 30, wace sana'a yake yi? Idan kuma ya ce sai ka kawo mutum biyu, kuɗin mutum biyun ne ribarka. Sanya wa abin sunan Musulunci ko buɗe taro da addu'a ba ya maye gurbin rajista.

Saura abu biyu da suka shafe mu musamman. Zakka ba ta faɗuwa don kuɗi sun koma takarda. Idan abin da ka mallaka ya kai nisabi, shekara ta zagayo, akwai kashi 2.5 cikin 100 a kai, kuma yadda ake lissafa ta hannun jari ya danganta da ko don ciniki ka saya ko don ajiya, sai a zauna da malami ko a je hukumar zakka ta jiha da takardun a hannu. Na biyu, gado. Tunkiya kowa na ganinta a tsakar gida, amma wannan dukiyar ba a ganinta. Akwai biliyoyin naira na rabon riba da ke kwance a ƙasar nan ba wanda ya zo karɓa, wani ɓangare na mutanen da suka rasu iyalansu ba su san sun saya ba. Ka sami littafi guda, ka rubuta sunan dillali, da lambar CHN, da abin da ka saya da ranar da ka saya, da ranar da kowane sukuk zai cika. Kada ka rubuta lambar sirri a ciki. Ka tabbata sunanka a BVN da NIN da wajen dillali iri ɗaya ne harafi da harafi, domin Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da magada wata da watanni. Sannan ka nuna wa uwargida ko babban ɗanka inda littafin yake. Iyayenmu mata, ku ma haka: abin da kuka tara daga adashi ko sana'ar cikin gida, ku buɗe da sunanku, da BVN ɗinku, ba da na maigida ko na ɗa ba.

Na ga an ɗago mini hannu cewa la'asar ta gabato. Na zo da kwafin fom ɗin sukuk na bara da aka riga aka rufe, don mu cika shi tare a matsayin gwaji bayan salla, layi bayan layi. Wanda ke da tambaya a kan lissafin 82,049 ɗin nan, ya riƙe ta, allo na nan, za mu sake bi a hankali.